Kwamfutar ofis ta ce in canza kalmar sirri, kuma duk wadda na sa sai ta ƙi

Kabiru Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min, yau kwana biyu ke nan aikina a tsaye. Jiya Litinin da safe na kunna kwamfutar ofis, ta ce kalmar sirrina ta ƙare aiki, dole in canza kafin in shiga. Na sa tsohuwar, na sa sabuwa sau biyu, sai ta maido min da wannan:

```
Unable to update the password. The value provided for the new password
does not meet the length, complexity, or history requirements of the domain.
```

Na gwada har guda huɗu, kowace da babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, duk ta ƙi. Na kira sashen kwamfuta na hedikwatarmu, sunka ba ni ta wucin gadi, ina sa ta sai ta ce in canza, ina canzawa ta ƙi. Da na sake kira da yamma sunka ba ni wata, wannan karon na shiga lafiya. Yau da safe na danna `Ctrl+Alt+Del` don in maida ita tawa, saboda wadda sunka ba ni mutum uku sun ji ta, ga saƙon ya sake dawowa. Har abokin aikina ya hargitsa min wasu baƙaƙe goma sha huɗu marasa ma'ana, ita ma ta ƙi. Mi ake so in yi?

Murtala: Wa alaikumus salam. Malam Kabiru tsawo ne matsalar. Yanzu wurare da yawa sun koma baƙi goma sha biyu. Ƙara mata tsawo kawai za ta wuce.

Kabiru Mabera: Ai na ce maka ta ƙarshe sha huɗu ce, Murtala.

Abdul mai kafe: Yallaɓai in lambar wayar da ka buɗe asusun da ita tana hannunka, kawo ta shago nan Gawon Nama, a tura maka lambar sirri ta saƙo, minti biyar an gama. Kullum muna yi wa mutane.

Malam Nura Arkilla: Abdul, ba Facebook ko Gmail yake magana ba. Kwamfutar wurin aiki ce da ke ɗaure da sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke riƙe asusun ma'aikata, babu saƙon da za a turo ma waya. Kabiru, ni abin da na sani shi ne saba tana riƙe tsoffin kalmominka, kuma in sabuwar ta yi kama da ɗaya daga ciki ko da kaɗan ne, za ta ƙi. Mu da yawa lambar ƙarshe kawai muke canzawa, 1 ta koma 2. Ina jin abin da ya kama ka ke nan.

Injiniya Bashir: Malam Nura, rabin maganarka daidai ce. Windows tana riƙe tarihi, kuma a sabar da ba a taɓa saitinta ba guda 24 take tunawa. Amma ba kalmomin kansu take ajiyewa ba. Tana niƙa kowace kalma ta lissafi ta fitar da wani dogon jerin lambobi, shi take ajiyewa, kuma baƙi ɗaya in ya canza jerin gaba ɗaya ya sauya. Saboda haka abin da take iya ganewa shi ne ka maido da tsohuwa sak. Kamanni ba ta ganinsa. Shi ya sa masu canza 1 zuwa 2 suke wucewa shekara da shekaru. A kan Linux akwai saitin da ke gwada sabuwa da wadda kake bari, ya ƙi in sun yi kusa da juna, wataƙila can ka gamu da shi. Amma saƙon da Kabiru ya turo na Windows ne.

Abin da ke wahalar da mutane a saƙon nan, dalilai aƙalla huɗu ne suke fitowa da lafazi ɗaya: tsawo, haɗin baƙaƙe, tarihi, da wani na huɗu da saƙon bai ma ambata ba. Kabiru, tunda yanzu kana ciki, buɗe `cmd`, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta waɗannan biyun, ka sa sunan da kake shiga da shi a na biyun:

```
net accounts /domain
net user sunanka /domain
```

Ka turo layukan da ke da kalmar `password` da layin `Full Name`. Sauran ka goge, kar ka turo sunan saba ko na ofis.

Hajiya Luba: Ina biye da ku, ni ma ina da tawa. Bari a gama da Kabiru tukuna.

Kabiru Mabera: Ga su nan Injiniya.

```
Minimum password age (days):              1
Maximum password age (days):              42
Minimum password length:                  8
Length of password history maintained:    24
Lockout threshold:                        5
```

Na biyun kuma, `Full Name` an rubuta Kabiru Dan-Iya, lakabin kakanmu ne anka sa min a takardun makaranta. `Password last set` ya nuna jiya ƙarfe 4:37 na yamma. `Password changeable` ya nuna yau ƙarfe 4:37 na yamma.

Injiniya Bashir: Madalla. Ta yau da safe an gano ta ke nan, layin farko da layin ƙarshe su ne amsar. Ofishinku ya sa dole kalmar sirri ta cika kwana ɗaya kafin mai ita ya iya canza ta. Ma'aikacin da ya ba ka ta biyu jiya da yamma bai danna akwatin `User must change password at next logon` ba, don haka saba ta ɗauka kalma ce sabuwa fil da aka sa 4:37, kuma ba za ta bari ka taɓa ta ba sai awa 24 sun cika. Kalmar da abokinka ya hargitsa maka ƙila ba ta da laifin komai. Ko wace iri ka kawo da safen nan, saƙon guda za ka gani. Wannan shi ne na huɗun da na ce ba a ambata ba.

Ita dokar kwana ɗayan an sa ta ne don ta tsare dokar tarihi. In babu ita, mutum zai zauna ya canza kalma sau 24 a jere cikin rabin awa, ya ture tsohuwar daga jerin, ya koma mata abinsa.

Murtala: To ai shi ke nan, ya jira la'asar.

Injiniya Bashir: Bai isa ba. Jiya da safe kalmarsa kwana 42 gare ta, dokar kwana ɗaya ba ta shafe ta ba. Da aka ba shi ta wucin gadi ta farko kuma an danna akwatin, shi ya sa aka tilasta masa canji, kuma in an danna akwatin dokar kwana ɗaya ba ta aiki. Duk da haka an ƙi shi. Akwai wani abu daban da ke cikin kalmomin da yake zaɓa, kuma in bai gano shi ba, 4:38 zai sake cin karo da shi. Kabiru, akwai sunanka a ciki?

Kabiru Mabera: Wallahi ko ɗaya babu. Na san ba a sa suna. Ga su ma, tunda an ƙi su: `Ramadan@1446`, `Lafiya#2025`, `GidanBaba_77`, `Najeriya@65`.

Anti Saratu: Haba Kabiru, a zauren mutum ɗari biyu da wani abu? In kana amfani da ɗaya daga cikin waɗannan a banki ko a imel ɗinka, ka je ka canza yanzu yanzu. Kuma ko da babu, ka nuna wa kowa irin yadda kake ƙirƙirar kalma. Adimin don Allah a goge saƙon bayan Injiniya ya gani.

Kabiru Mabera: Gaskiyarki Anti. Ɗaya tana kan wani asusu nawa, na canza ta yanzu. Damuwa ce ta sa ban yi tunani ba.

Injiniya Bashir: Anti Saratu ta faɗi gaskiya, kar wani ya kwaikwayi hakan. Amma tunda na gani, Kabiru, duka huɗun sunanka na ciki.

Ga yadda abin yake. In an kunna dokar haɗin baƙaƙe a Windows, kowa ya san sashenta na farko, wato kalma ta ƙunshi iri uku cikin babban baƙi, ƙaramin baƙi, lamba da alama. Naka duk sun cika wannan. Sashe na biyu shi ne ba a cika sani ba. Saba tana ɗaukar sunanka yadda yake a layin `Full Name`, ta yanyanka shi a duk inda ta ga fili, ko waƙafi, ko ɗigo, ko karan ɗori, da wasu 'yan alamomi. Duk guntun da ya kai baƙi uku, sai ta duba ko yana cikin kalmar sirrin, a farko ne ko a tsakiya ko a ƙarshe, kuma ba ruwanta da babba ko ƙarami. Guntun da bai kai uku ba ta kyale shi.

Sunanka ya yanku uku: Kabiru, Dan, Iya. Yanzu karanta kalmominka a hankali. Rama-dan. Gi-dan. Laf-iya. Najer-iya. Kai kana ganin watan azumi da gidan mahaifinka, ita kuwa tana ganin sunanka.

Kabiru Mabera: Innalillahi. Ka san ta biyar da na shirya gwadawa da la'asar da "gaskiya" ta fara?

Malam Nura Arkilla: Allahu akbar. Ni shekara nawa ina gyaran kwamfutocin makaranta ban san wanga ba. Ashe mu Hausawa abin ya fi cin mu. Dan da iya ai sun cika bakinmu: idan, kadan, duniya, tafiya, rijiya, tsintsiya. Mai suna Ali kuma ya shiga uku da dalili da hali da iyali. Mai suna Isa ba shi da nisa ba shi da bisa.

Injiniya Bashir: Haka ne, matuƙar an rubuta guntun a ware. Da an rubuta sunan Kabiru a haɗe, Daniya, to baƙi shida ɗin gaba ɗaya za ta nema, kuma babu ɗaya cikin huɗun nan da za ta ƙi. Karan ɗorin da wani ma'aikaci ya sa ranar da aka buɗe masa asusu shi ne ya raba sunan biyu. Na taɓa zama da wani akawu kusan awa guda a kan irin wannan, sunansa na ƙarshe sunan garinsu ne, kamar yadda da yawanmu muke ɗauke da Wurno ko Gwadabawa ko Bodinga a takarda. Shi a ganinsa sunan gari ya sa, ba nasa ba. Sai da na juya masa allon na nuna masa layin da yatsa.

Kuma ku lura, `net accounts` ba ya nuna ko an kunna wannan dokar. Lambobi kawai yake nunawa. Mai kula da saba ne zai gani da `Get-ADDefaultDomainPasswordPolicy`, a layin `ComplexityEnabled`.

Murtala: To ya rubuta da ɗ mai lanƙwasa mana. Ɗan ai ba Dan ba ne.

Anti Saratu: Murtala kar ka jefa shi wani ramin. Allon shiga na kwamfutar ofis ba lalle ne yana da kibod ɗin Hausa ba, haka kwamfutar da zai ara in ya je wani reshe. Zai sa kalmar da shi kansa ba zai iya bugawa ba gobe da safe. Ya bar baƙaƙen da ke kan kibod a fili.

Kabiru Mabera: Tambaya ɗaya. Shekara uku ina ofishin nan, duk sati shida ina canzawa, mi ya sa sai yanzu?

Injiniya Bashir: Biyu ne nake zato, kuma daga nan ba zan iya raba su ba. Ko dai tsoffin kalmominka sun yi ta kauce wa guntayen nan bisa dace, ko kuma an gyara yadda aka rubuta sunanka kwanan nan. Dokar ba ta komawa ta binciki kalmar da ke aiki, sai ranar canji take dubawa. In an sa karan ɗorin wata guda da ya wuce, ba za ka ji komai ba sai jiya. Duba tsoffin imel da ka tura ka ga yadda sunanka ke fitowa a da.

Kabiru Mabera: Na duba. Na watan jiya "Kabiru D." ke fitowa. An yi wani aikin daidaita sunaye da takardun albashi, na tuna sun karɓi fom.

Hajiya Luba: To Injiniya ga tawa. Mu a wurin aikinmu duk wata uku ne. Makon jiya na sa wata irin `S0k0t0@25`, ba ita ba ce sak amma haka tsarinta yake, sifili a madadin o. Sunana ba shi da alaƙa da Sokoto, ban taɓa amfani da ita ba, kuma kalmata ta ƙare ne da kanta, ba wanda ya sake min ita. An ƙi. Na ƙara mata kalma biyu a gaba ta wuce. Har yau ban san dalili ba, kuma mai kula da kwamfutocinmu ya ce shi ma bai sani ba, daga sama ake saitawa.

Injiniya Bashir: Hajiya, ina da zato mai ƙarfi amma ba zan rantse ba. Tsawo ne abu na farko da za ki cire, domin taki baƙi tara ce. Gwada `net accounts /domain` ki gani, sai dai ki sani ana iya ware wa wani rukunin ma'aikata doka tasu daban, kuma wannan umarnin ba ya nuna ta. Mai kula da saba ne ke ganinta da `Get-ADUserResultantPasswordPolicy`.

In ba tsawo ba ne, to akwai wani tsarin Microsoft da wasu ofisoshi ke ɗorawa a kan dokokin da muka yi magana, sunansa Entra Password Protection. Yana da jerin kalmomin da aka haramta, wani na Microsoft da ba sa bayyanawa, wani kuma ofis ne ke cikawa da kansa, har kalma 1000, yawanci sunan ofishin da garuruwan da yake da reshe. Kafin ya duba, sai ya maida duk baƙaƙe ƙanana, ya maida 0 ta zama o, 1 ta zama l, $ ta zama s, @ ta zama a. Taki sai ta koma `sokotoa25`. Daga nan ya ba da maki: kalmar da ke cikin jeri maki ɗaya ce duk tsawonta, kowane baƙin da ya rage maki ɗaya. In Sokoto na jerinku, ga ɗaya, ga a da 2 da 5, huɗu ke nan. Shi kuma biyar yake nema. Da kika ƙara kalma biyu kin haye biyar da nisa. Lissafin ya dace da labarinki, amma tsawo ma ya dace da shi. Wanda ke iya buɗe rajistar saba ne kaɗai zai raba gardamar, domin tsarin yana rubuta dalilin ƙin a can.

Hajiya Luba: To me ya hana su rubuta mana dalilin a allon? Mutum yana tsaye, ga layin mutane suna jiransa, ana ce masa ka yi kuskure amma ba za a faɗa maka wanne ba.

Malam Nura Arkilla: Ni ina ganin da gangan ne Hajiya, kuma da hujja. In ɓarawo ya samu tsohuwar kalmarka ya zo canzawa, kana so kwamfuta ta riƙa yi masa jagora?

Anti Saratu: Wanda ya riga ya riƙe kalmarka ai ya shigo gida, Malam Nura, ɓoye masa dokar tsawo ba zai fitar da shi ba. Kuma dokokin Windows ɗin a rubuce suke a fili ga duk mai nema. Ma'aikaci ne kawai ke cikin duhu. Ni a ofishinmu takarda na buga na manna a jikin bango kusa da firinta: tsawo kaza, kar ka sa ko guntun sunanka, in an sake maka ka jira awa 24. Kiran da nake samu ranar Litinin ya ragu sosai.

Amma ni asalin abin da nake ƙi shi ne ƙarewar kanta. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, tun 2017 ta ce a daina tilasta canjin kalmar sirri lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace ta. Microsoft da kansu sun cire ta daga saitin tsaron da suke ba da shawara a 2019. Kwana 42 ɗin da Kabiru ya turo shi ne wanda sabar ke zuwa da shi, alama ce ba wanda ya zauna ya zaɓe shi. Abin da yake haifarwa na gani da idona: 'yar takarda a ƙarƙashin kibod, kalma ɗaya da lambobi a jere ana soke na baya.

Malam Nura Arkilla: Anti a nan ban bi ki ba. Su can suna da tabbaci na biyu a waya ga kowa, wato bayan kalmar sirri sai ka sake tabbatarwa ta wayarka, suna da na'urorin da ke gano an sace kalma. Mu fa? Ma'aikaci zai tafi hutu ya ba na kusa da shi kalmarsa, wancan ya ba ɗan bautar ƙasa, ɗan bautar ƙasa ya gama ya tafi da ita a kai. In ba ta ƙarewa, shekara biyar tana hannunsa. Kabiru ma ai cewa ya yi mutum uku sun ji tasa.

Anti Saratu: Wanda ya ba da ta wancan wata zai ba da ta wannan watan. Kuma ɗan bautar ƙasan da ya san ta ƙare da 7 ya san ta gaba da 8 za ta ƙare.

Injiniya Bashir: Ni ina tsakiya, kuma ba kowane ofis ke da zaɓi ba, wasu masu binciken da ke zuwa musu ne ke neman ganin dokar a kunne. Inda aka sa tabbaci na biyu ina cire ƙarewar ba tare da fargaba ba. Inda babu, na fi son a tsawaita kwanakin a ƙara tsawon kalmar. Amma akwatin nan na tilasta canji, wannan ba gardama a kansa, duk wanda ya sake wa mutum kalma ya danna shi.

Kabiru, kafin la'asar abu ɗaya. `Lockout threshold` naku 5 ne. In imel ɗin ofis na kan wayarka, ko wayar tana hawa Wi-Fi na ofis da sunanka, to kana canzawa za ta ci gaba da tura kalmar da ta sani, kuskure biyar na iya cika a rufe ka, ka koma kiran hedikwata su sake ba ka ta wucin gadi. Kashe data da Wi-Fi na wayar tukuna, ka canza a kwamfuta, ka kulle allon ka buɗe da sabuwar, sannan ka gyara a waya.

Kabiru Mabera: Alhamdulillah, 4:50 ta karɓa a gwaji na farko. Kalmomi huɗu na haɗa da lamba a tsakani, na rubuta su a takarda na bi baƙi baƙi ina neman dan da iya kafin in buga, sannan na yaga takardar. Wayar ma na bi yadda ka ce. Allah ya saka da alheri, Injiniya, Anti, da kowa. Na tura wa sashen kwamfuta bayanin guntun suna, domin akwai wani a ofishinmu mai Dan a sunansa da tasa za ta ƙare mako mai zuwa.

Hajiya Luba: Na gwada umarnin da na koma ofis. Tsawo 8 ya nuna min. Na tura wa namu sunan ɗayan umarnin da na tsarin da ka ambata, ya ce ba shi da izinin duba ko ɗaya, zai tambayi na sama da shi.